Me ya sa sai an raba na sama da na ƙasa kafin a yi intagireshan?

Ɗalibi ya fasa firakshan zuwa ƙanana don ya yi intagireshan, ya samo lambobinsu na sama, A da B, daidai, logaridam ɗinsa biyu sun fito tsaf, amma malami ya ja masa jan biro ya hana shi yawancin makin. Zalunci ne, ko kuwa akwai abin da ya ɓace a amsar?

Wannan ce muhawarar da ta yi ta yawo a bakin ɗaliban lissafi da na injiniya a nan Birnin Kebbi bayan jarrabawar zangon da ya wuce, har ta iso ajin da nake koyar da kalkulas da yamma. Wani ɗalibina ɗan Jega ya shigo da takardarsa a naɗe, ransa a ɓace, ya ce: "Malam, don Allah duba min. Shida na samu, abokina ma shida ya samu. Ɗaya na samu, shi ma ɗaya ya samu. To ina laifina?" Na karɓa na duba. Gaskiyarsa, lambobin nan biyu babu kuskure a cikinsu. Amma fiye da rabin amsar ba ta kan takardar, kuma shi bai ma san ta ɓace ba. Abin da ya fi damuna da wannan kuskure ke nan: ba ya kururuwa. Mutum zai gama aikinsa cikin natsuwa, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, alhali ya bar kaya a tasha.

Ga tambayar da aka ba su:

∫ (x³ + 2x² + 2) / (x² − x − 2) dx

## Kalmomin da za mu yi aiki da su

Folinomiyal shi ne jimlar aljabara da aka gina da x, x², x³ da ire-irensu, kowanne da lambarsa a gaba, ana tarawa ko ana ɗebewa. Babu x a ƙarƙashin alamar rut, babu shi a cikin sin ko ln. Digirin folinomiyal kuwa shi ne fawa mafi girma da x ya hau a cikinsa. A tambayarmu, na sama digirinsa 3 ne saboda x³, na ƙasa kuma 2 saboda x². Idan aka ɗora folinomiyal ɗaya a kan wani, an sami firakshan na aljabara, irin wanda muke magana a kai.

Ƙa'idar da ake jayayya a kanta gajeriya ce. Kafin ka taɓa komai, ka kwatanta digirin sama da na ƙasa. In na sama bai kai na ƙasa ba, ci gaba da aikinka. In ya kai shi ko ya wuce shi, sai ka raba tukuna. Ka lura da kalmar "ya kai", domin ko kunnen doki suka yi, rabawar ta wajaba.

Mun san wannan tun firamare, sunansa ne kawai ya canja. A ce manoma biyar sun yi noman shinkafa na haɗin gwiwa a fadamar Argungu, suka sami buhu 17. Ba wanda zai ce a farke buhunan nan duka a zube a ƙasa a fara awo da kwano. Kowa zai ɗauki buhu uku cikakku ya jingine, 15 sun tafi, sannan a kwance bakin biyun da suka rage a auna. Wato 17/5 = 3 + 2/5. Dabarar fasa firakshan zuwa ƙanana, wadda ɗalibai ke kira fashiyal firakshan, ita ce awon kwano. Ragowa aka yi ta domin ta. Cikakkun buhunan kuwa rabawa ce ke fitar da su.

## Inda tarkon yake

Ɗalibin nan ya fara da kyau. Ya fasa na ƙasa: x² − x − 2 = (x − 2)(x + 1). Daga nan sai hannunsa ya rubuta abin da ya saba rubutawa:

A/(x − 2) + B/(x + 1)

Ya yi amfani da dabarar nan ta rufewa da yatsa. Don samun A, ya rufe (x − 2), ya sa x = 2 a abin da ya rage: sama ya ba shi 8 + 8 + 2 = 18, ƙasa ya ba shi 3, A ya zama 6. Don samun B, ya rufe (x + 1), ya sa x = −1: sama ya ba shi −1 + 2 + 2 = 3, ƙasa −3, B ya zama −1. Sai ya rubuta amsarsa: 6 ln|x − 2| − ln|x + 1| + C.

Abin mamakin shi ne, wanda ya raba tukuna shi ma 6 da −1 zai samu. Dalili kuwa, dabarar yatsa wurare biyu kacal take leƙawa, x = 2 da x = −1, wato daidai inda na ƙasa ya zama sifili. A waɗannan wurare biyu, duk wani abu da aka ninka da na ƙasa shi ma sifili ne, ya ɓace wa ido. Saboda haka dabarar ba ta iya ganin cikakkun buhunan, ragowar kaɗai take gani. Ta faɗi gaskiya a kan abin da ta gani, ba ta da bakin faɗar abin da aka ɓoye mata. Shi ya sa ɗalibi ke fita daga ɗakin jarrabawa, ya tambayi abokinsa "nawa ka samu a A?", ya ji "shida", hankalinsa ya kwanta.

Da ya bi doguwar hanya, ya ninka ɓangarorin biyu da na ƙasa, da lissafin ya tona kansa:

x³ + 2x² + 2 = A(x + 1) + B(x − 2)

Dubi hannun dama. Duk yadda ka juya A da B, ba za ka haifi x³ ko x² a can ba, iyakarsa x. A hagu kuwa ga x³ guda zaune. Kwatanta lambobin da ke gaban x³ zai kai ka ga cewa 1 = 0, abin da ba ya yiwuwa. Wato tun layin farko an rubuta daidaiton da babu shi.

Akwai wata hanyar ganin abin da ni na fi so, domin tana shiga kai ta zauna. Ka ɗauki x babba, a ce 100. Ƙananan firakshan biyun nan, 6/98 da 1/101, in ka ɗebe na biyu daga na farko, abin da zai rage kusan 0.05 ne. Haka halinsu yake: x na girma, suna ƙanƙancewa zuwa sifili. To sa 100 a ainihin tambayar. Sama ya zama 1,020,002, ƙasa ya zama 9,898, rabonsu ya haura 103 kaɗan. Ina 103, ina 0.05? Abin da ke girma tare da x ba zai taɓa zama daidai da tarin abubuwan da ke mutuwa idan x ya girma ba. Wannan shi ne ainihin dalilin ƙa'idar, ba wai son wahalar da ɗalibi ba.

## Rabawar kanta, daki-daki

Kafin a fara, a rubuta na sama da kowane fawa a gidansa, har wanda babu shi: x³ + 2x² + 0x + 2. Wannan 0x ɗin da ake rainawa yana hana ɓarna mai yawa, domin in babu shi, mutum kan tsinci kansa yana ɗebe 2x daga 2, ya haɗa abin da ba jinsi ɗaya ba. Tsarin ba sabo ba ne. As-Samaw'al al-Magribi, masanin lissafin da ya tashi a Bagadaza a ƙarni na 12, a littafinsa Al-Bahir, da jadawali yake raba irin waɗannan jimloli, kowane fawa da nasa gida, lambobin kawai ake zubawa a ciki. Fasa firakshan don intagireshan kuwa sai a 1702 Leibniz da Johann Bernoulli suka fito da shi, kowa ta hanyarsa. Rabawa ta girmi fasawa da ɗaruruwan shekaru, kuma a kan takarda ma ita ce gaba.

Tambayar farko: me zan ninka x² da shi ya ba ni x³? Amsa, x. Shugaban sama da shugaban ƙasa kaɗai ake dubawa, sauran mabiya ne. Sai a ninka x da na ƙasa gaba ɗaya, a sami x³ − x² − 2x, a ɗebe shi daga na sama.

A nan ne mafi yawan hannaye ke zamewa. Ɗebewar ta shafi kowane yanki, ba na farko kaɗai ba. 2x² a ɗebe −x² ya zama 3x², ba x² ba. 0x a ɗebe −2x ya zama +2x. Ni dai ina sa ɗalibaina su sa abin da za a ɗebe a cikin baka, su juya alamar kowane yanki a sabon layi, sannan su tara. Layi ɗaya ne ya ƙaru, amma yana tsare maki. Abin da ya rage:

3x² + 2x + 2

Digirinsa 2, na ƙasa ma 2. Kunnen doki, don haka ba a tsaya ba. Wasu a nan suke ajiye biro, suna ganin tunda an sauko daga 3 an gama. Ba a gama ba. Me zan ninka x² da shi ya ba ni 3x²? Amsa, 3. A ninka: 3x² − 3x − 6. A ɗebe: 2x a ɗebe −3x ya zama 5x, 2 a ɗebe −6 ya zama 8. Saura 5x + 8. Yanzu digiri ya koma 1, ya gaza na ƙasa, rabawa ta ƙare.

(x³ + 2x² + 2) / (x² − x − 2) = x + 3 + (5x + 8) / (x² − x − 2)

Mu koma ga x = 100 mu ga abin sha'awa. In ka raba 1,020,002 da 9,898 irin rabawar firamare, za ka sami 103, saura 508. To x + 3 shi ne 103, kuma 5x + 8 shi ne 508. Rabawa ɗaya ce, a can da lambobi, a nan da haruffa.

Sai yanzu fashiyal firakshan ya sami wurin aikinsa. A sa x = 2 a cikin 5x + 8, a sami 18, a raba da 3, A = 6. A sa x = −1, a sami 3, a raba da −3, B = −1. Su ne dai lambobin ɗazu. Kowane yanki yanzu mai sauƙi ne: x ya ba da x²/2, 3 ya ba da 3x, sauran biyun suka ba da logaridam.

x²/2 + 3x + 6 ln|x − 2| − ln|x + 1| + C

Abin da ɗalibina ya bari a baya shi ne x²/2 + 3x. Da na nuna masa, sai ya ce, "To Malam, ai C zai iya ɗauke shi." A'a. C lamba ce tsayayya, ba ta motsi. Abin da ke canjawa idan x ya canja ba ya shiga cikinta.

## Girman asarar a lambobi

Wanda ke ganin an tsananta wa ɗalibi ya gwada sa iyaka a tambayar, daga x = 3 zuwa x = 5. Yankin logaridam ya ba da 6 ln 3 − ln 1.5, wato kusan 6.59 a ɗebe 0.41, ya kama 6.19. Yankin da aka manta kuwa: x²/2 ya ba da (25 − 9)/2 = 8, 3x ya ba da 6, jimla 14. Amsar gaskiya kusan 20.19 ce. Wanda bai raba ba zai kawo 6.19, bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ake nema ba. Ga ɗalibin injiniya da gobe wannan lambar za ta zama yawan ruwan da ya bi ta magudana ko aikin da inji ya yi, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Shi ya sa ban ga laifin mai makin ba, ko da yake ina ganin ya kyautu a ba ɗalibi ɗan abin da ya samu na fasa na ƙasa da samo A da B, a kuma rubuta masa a gefe abin da ya ɓace maimakon jan layi kawai.

Kuma ana iya kama kuskuren ba tare da malami ba. Intagireshan mai iyaka shi ne girman filin da ke ƙarƙashin layin firakshan ɗin a zane. A x = 3 tsayin layin 47/4 ne, wato 11.75. A x = 4 ya zama 9.8, a x = 5 kuma kusan 9.83. Fili mai tsayi wajen 10 da faɗi 2, girmansa zai yi wajen 20. Duk wanda ya yi wannan ɗan kiyasin ya ga 6 a takardarsa, ya san akwai matsala.

Gwajin da ya fi wannan sauri ana yin sa tun kafin intagireshan. Zaɓi lamba mai sauƙi wadda ba ta mai da na ƙasa sifili, ka sa ta a asalin tambaya da kuma abin da ka fasa. Da x = 0, asali ya ba da 2/(−2) = −1. Fasawar da ba rabawa ta ba da −3 − 1 = −4. Ba su haɗu ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu 3 ce, daidai ƙimar x + 3 a wurin. Gwajin bai kai minti ɗaya ba. Sharaɗinsa ɗaya: kada ka gwada da lambobin da ka yi amfani da su wajen samo A da B.

## Masu cewa ba dole ba ne

A muhawarar akwai ɓangaren da ke cewa su ba sa doguwar rabawa kuma suna cin amsa. Gaskiya suka faɗa, sai dai in ka duba aikinsu da kyau, rabawar ce suka yi cikin wata riga.

Na farko su ne masu ƙarawa da ɗebewa. A ba su x²/(x² + 1), sai su rubuta na sama a matsayin (x² + 1) − 1, abin ya zama 1 − 1/(x² + 1), amsa ta fito x − arctan x + C. Wannan dabara ce mai kyau, ni ma ita nake bi idan digiri ya yi kunnen doki kuma jimlar gajeriya ce. Wannan 1 da ya fito shi ne cikakken buhun. Irin wannan tambayar ce ma ta fi kama mutane, domin ido na ganin x² sama x² ƙasa sai ya ɗauka komai lafiya. Haka kuma idan aka ba da na ƙasa a fashe, kamar (x − 1)(x + 2), wasu kan ɗauka digirinsa 1 ne saboda ba su ga x² a rubuce ba. Digirin baka-baka tarawa ake yi, nan 2 ne.

Na biyu su ne masu canja harafi. A x²/(x − 1), sai su ce u = x − 1, sama ya zama (u + 1)², a buɗe a raba kowane yanki da u, a sami u + 2 + 1/u. Daidai ne, kuma yana da daɗi idan na ƙasa digiri 1 ne. Amma a nan wata gardamar kan tashi. Mai wannan hanya, in ya mai da x, zai sami x²/2 + x − 3/2 + ln|x − 1| + C. Mai doguwar rabawa kuwa zai sami x²/2 + x + ln|x − 1| + C. Na ga ɗalibai mata biyu sun kusa ɓatawa a kan wannan −3/2, kowace na cewa ɗayar ce ta yi kuskure. Duk sun yi daidai. A wannan karon bambancin lamba ce tsayayya, kuma irinta ce C ke haɗiyewa.

Na uku su ne masu rubuta Px + Q a gaban ƙananan firakshan tun farko, su nemo P da Q tare da A da B. Wannan ma halal ne, muddin an san digirin abin da za a sa. Ana samun sa ta ɗebe digirin ƙasa daga na sama: a tambayarmu 3 a ɗebe 2, saura 1, shi ya sa Px + Q. Illarsa ita ce haruffan da ake nema sun zama huɗu maimakon biyu, ƙofar kuskure ta ƙara faɗi. A zauren jarrabawa ni doguwar rabawa nake ba da shawara, don matakanta ba sa canjawa kuma mai maki yana ganin kowane layi.

## Abin da rabawa ba ta magancewa

Ƙa'idar ta folinomiyal ce a kan folinomiyal. In akwai rut ko eˣ a ciki, ba a fara da ita. Sai dai sau da yawa tana dawowa ta bayan gida. Ɗauki √x/(1 + √x). Da ka ce u = √x, dx ya zama 2u du, tambayar ta koma 2u²/(1 + u), digiri 2 a kan digiri 1. Dole a raba, a sami 2u − 2 + 2/(1 + u), amsa ta zama x − 2√x + 2 ln(1 + √x) + C. Don haka duba digiri ba a farkon aiki kaɗai ake yin sa ba, ana sake yi duk lokacin da aka canja harafi.

Sannan rabawa ba ta cike ramin da ke inda na ƙasa ya zama sifili. A tambayarmu ramukan suna x = 2 da x = −1, kuma bayan rabawa suna nan a cikin 6/(x − 2) da 1/(x + 1). Shi ya sa na zaɓi iyaka daga 3 zuwa 5, inda hanya ba ta bi ta kan rami ba. Da an ce daga 1 zuwa 3 ne, za a ratsa ta kan x = 2, inda firakshan ɗin ke harbawa sama ba iyaka ta gefe ɗaya, ya nutse ƙasa ba iyaka ta ɗaya gefen. Kalkuleta za ta karɓi ln|1| da ln|−1| ta ba ka lamba ba musu, amma wannan lambar ba amsa ba ce, domin intagireshan ɗin a wannan tsakanin ba shi da ƙima tsayayya.

Ɗalibin nan na Jega ya dawo bayan kwana biyu da tambaya uku da ya yi da kansa. A gefen kowace, kafin layin farko, ya rubuta ƙananan lambobi biyu da fensir, digirin sama da na ƙasa. A ta ukun ya rubuta 2 da 2, ya raba, ya sami 1 da ragowa, sannan a ƙasan shafin ya gwada da x = 0 ɓangarorin suka haɗu. Kuskure ɗaya na samu a duk aikin, ya manta alamar ɗebewa a layi na biyu na tambayar farko, kuma kafin in kai biro wurin shi da kansa ya ce, "Tsaya Malam, na gan shi."